Kamfani Ɗaya, Sana'a Biyar: Wacce Za a Rubuta a Takarda?

A kusan kowace takardar da kamfani zai cike, ta rajista ce a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta buɗe asusun banki ce, ko ta ƙidayar masana'antu, akwai wani gurbi da ke tambayar babbar sana'ar kamfanin. Gurbin ɗan ƙarami ne, amsa ɗaya kawai yake karɓa. Mai gidan burodi ba ya ɓata lokaci a kansa, haka ma mai kamfanin ɗinki. Amma ɗan kasuwar da yake da injin casar shinkafa a Kura, da tireloli a kan hanyar Kano zuwa Legas, da rumbun takin zamani a Dawanau, nan ne alƙalaminsa ke tsayawa. Dukansu sana'arsa ce, kuma kowacce tana kawo kuɗi.

Yawancin mutane a irin wannan hali sukan rubuta sana'ar da aka fi saninsu da ita, ko wadda suka gada, ko wadda ta fi juya kuɗi. Masana ƙididdiga kuwa suna da hanyarsu ta daban, wadda aka rubuta dalla-dalla, kuma sau da yawa amsar da take bayarwa ba ita ce mai kamfanin yake zato ba.

Kundin da duniya ta amince da shi

Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani kundi da ya kasa dukan ayyukan neman abincin ɗan Adam kashi-kashi, wanda aka fi sani da ISIC. An sabunta shi sau da dama, kuma bugu na huɗu, wanda ya fito a 2008, shi ne ƙasashe da yawa suka ɗora ƙididdigarsu a kai, har da Najeriya. Tarayyar Turai tana da nata mai suna NACE, wanda aka gina a kan wannan kundin. Amurka da Kanada da Meziko suna amfani da NAICS. Nijar da sauran ƙasashen da ke cikin ƙungiyar AFRISTAT suna da NAEMA, shi ma daga ISIC aka ciro shi.

Bugu na huɗu na kundin yana da hawa huɗu. A sama akwai manyan sassa 21, kowanne da harafinsa: A noma da kiwo da kamun kifi, B haƙar ma'adinai, C masana'antu, G fatauci da kiri, H sufuri da ajiya, har zuwa U. Ƙarƙashin sassan akwai fannoni 88 masu lamba biyu, sannan dangogi 238 masu lamba uku, sai kuma azuzuwa 419 masu lamba huɗu. Tsarin kamar adireshi ne, daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa unguwa zuwa ƙofar gida. Mai casar shinkafa, alal misali, yana sashen C, fanni na 10 na sarrafa abinci, dangi na 106, aji na 1061, inda ya haɗu da masu niƙa alkama da masara. Wanda ya noma shinkafar kuwa yana can sashen A, lambarsa 0112.

Kowane kamfani lamba ɗaya ake ba shi, kuma duk abin da ya samar, da duk ma'aikatan da yake biya, a ƙarƙashin wannan lambar ake zuba su. Shi ya sa zaɓen lambar ba ƙaramin abu ba ne.

Ciniki daban, ƙarin daraja daban

Ma'aunin da kundin ya zaɓa shi ne ƙarin daraja. Ma'anarsa mai sauƙi ce: a ɗauki kuɗin abin da sana'a ta samar, a cire kuɗin kayan da ta saya daga wasu ta cinye wajen samar da shi. Abin da ya rage shi ne darajar da kamfanin ya ƙara da kansa, kuma daga cikinsa ne ake biyan albashi, a cire lalacewar injina, mai dukiya ya sami ribarsa. Sana'ar da ta fi kawo wannan ƙarin ita ce babbar sana'a, sauran kuma su bi bayanta.

Me ya sa ba a yi amfani da yawan ciniki ba, tunda shi ya fi sauƙin gani? Saboda ciniki yana ruɗi. Dillalin da ya sayi buhun taki ya sayar da shi yadda ya saye shi, kuɗi masu yawa suna ratsa hannunsa, amma kusan duka na mai masana'antar takin ne. Nasa shi ne ɗan abin da ya ɗora a kai. Mai gyaran injin kuwa, ko lauya, ko mai makaranta, kusan duk abin da aka biya shi aikin hannunsa ne ko na kansa. Idan aka auna da ciniki, kusan kowane kamfani mai haɗa fatauci da wata sana'a zai fito a matsayin ɗan kasuwa.

Bari a ga abin a aikace. A ƙaddara akwai wani kamfani a Kano mai sana'o'i biyar, kuma alƙaluman da za a kawo na misali ne kawai. A shekara guda, ya sayar da takin zamani na naira biliyan 2, amma ya sayo shi, haɗe da kuɗin dako da haya, a kan biliyan 1 da miliyan 860. Ƙarin darajarsa a nan miliyan 140. Injin casarsa ya fitar da shinkafa ta miliyan 800, bayan ya cinye shanshera da gas da buhuna da wutar lantarki na miliyan 700, saura miliyan 100. Tirelolinsa sun yi wa mutane dako sun kawo miliyan 400, gas da tayoyi da kayan gyara suka ci miliyan 250, saura miliyan 150. Matatsar man gyaɗarsa ta bar miliyan 60 daga cinikin miliyan 300. Gidan ruwan leda da na gora kuma ya bar miliyan 50 daga cinikin miliyan 150.

Jimillar ciniki biliyan 3 da miliyan 650, kuma fiye da rabinta taki ne. Duk wanda ya duba takardar banki zai ce wannan dillalin taki ne. Amma jimillar ƙarin daraja miliyan 500 ce, kuma ga yadda ta kasu: dako kashi 30 cikin ɗari, taki 28, shinkafa 20, man gyaɗa 12, ruwa 10. Taki ya sauko daga kan gaba, dako ya hau.

Da a ce wata sana'a guda ta haura kashi 50, da magana ta ƙare, ita ce babba. A nan babu wadda ta kai. To shin sai a rubuta sufuri, tunda shi ne mai kashi 30?

Daga sama zuwa ƙasa

Amsar ita ce a'a, kuma nan ne hanyar ta bambanta da abin da hankali ke fara bai wa mutum. Kundin ya ce kada a yi tsalle zuwa ajin da ya fi girma. A fara daga hawan sama, a riƙa saukowa taki-taki, a kowane hawa a zaɓi wanda ya fi kauri, sannan a shiga cikinsa kaɗai.

Hawan farko shi ne sashe. Shinkafa da man gyaɗa da ruwa duk aikin masana'anta ne, sashen C, idan aka haɗa su kashi 42. Dako yana sashen H da kashi 30. Taki yana sashen G da kashi 28. Sashen C ya yi rinjaye, don haka daga nan an ajiye dako da taki gefe, ba za a sake waiwayarsu ba.

Hawa na biyu fanni ne. A cikin sashen C, shinkafa da man gyaɗa suna fanni na 10, sarrafa abinci, jimillarsu kashi 32. Ruwan sha yana fanni na 11, na abubuwan sha, da kashi 10. An zaɓi fanni na 10. A hawa na uku, dangi na 106 na niƙa da casar hatsi yana da 20, dangi na 104 na man girki yana da 12. An zaɓi 106. A hawan ƙarshe, babu abin da kamfanin yake yi a wannan dangi sai casar shinkafa, wato aji na 1061.

Sakamakon kenan: kamfanin da fiye da rabin cinikinsa taki ne, wanda sana'arsa mafi kauri ita kaɗai dako ce, a ƙididdigar ƙasa mai casar shinkafa ne, ko da yake shinkafar kashi 20 kawai ta kawo.

Mutum zai iya cewa wannan ai son zuciyar lissafi ne. Amma akwai dalili mai ƙarfi a bayansa. Masu amfani da ƙididdiga ba a hawan ƙasa kaɗai suke karanta ta ba. Mafi yawan lokaci tambayarsu babba ce: nawa masana'antu suka samar a bana, nawa sufuri, nawa fatauci? Da an ba kamfanin nan lambar dako, 4923, da an kwashe dukan miliyan 500 ɗinsa an zuba a sufuri, alhali abin da yake yi na masana'anta ya fi na sufurin yawa. Saukowa daga sama tana tabbatar da cewa amsar da aka bayar a ƙasa ba ta ƙaryata wadda za a bayar a sama ba. An yarda a yi ɗan kuskure a hawan ƙasa domin a kauce wa babban kuskure a hawan sama.

Tirelar da ke ɗaukar kayan gida

Kafin a fara wannan lissafi ma, akwai tankaɗe da rairayar da ake yi, domin ba duk aikin da kamfani ke yi ne sana'a ba. Kowane kamfani yana da akanta, da masu gadi, da rumbun ajiya, da motocin kai kaya, wani ma har da ɗakin shan magani na ma'aikata. Waɗannan ayyukan hidimar cikin gida ne. Ana yin su ne don sana'ar ta tafi, ba don a sayar wa kowa ba, saboda haka ba a lissafa su a matsayin sana'a mai zaman kanta. Kuɗinsu ana jingina shi ne ga sana'ar da suke yi wa hidima.

Kamfanin simintin Dangote misali ne mai kyau. Yana da dubban manyan motoci a kan titunan Najeriya, fiye da na kamfanonin sufuri da yawa. A Obajana ta jihar Kogi yana fasa dutsen da yake yin simintin da shi, kuma yana samar da wutar lantarkin da masana'antar ke ci. Duk da haka ba wanda zai kira shi kamfanin sufuri ko na haƙar dutse. Motocin siminti suke kaiwa, dutsen kuma cikin tanderu yake ƙarewa. Darajar tana taruwa ne a buhun siminti, wanda ajinsa 2394.

Wannan ne ya sa a misalin kamfanin Kano aka ce tirelolin sun yi wa mutane dako. Da a ce shinkafar kamfanin da takinsa kawai suke ɗauka, da babu sana'ar sufuri sam a lissafin. Tambayar da ma'aikacin ƙididdiga yake yi ita ce: wa ya biya kuɗin dakon? Idan akwai rasit da aka yanka wa baƙo, sana'a ce. Idan babu, hidimar gida ce. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haɗa su wuri ɗaya, sai sufuri ya kumbura fiye da girmansa.

Akwai kuma tambayar wanda bai da injin ko ɗaya amma sunansa ne a jikin buhu. Ƙa'idar bugu na huɗu ta dubi mallakar ɗanyen kaya ne. Ɗan kasuwar da ya sayi shanshera da kuɗinsa, ya kai injin wani aka casa masa ya biya lada, ya karɓi shinkafarsa ya sayar, ana lissafa shi cikin masu masana'anta, domin kayan nasa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma shi ya ɗauki kasadar. Mai injin da ya yi aikin shi ma yana masana'anta. Amma wanda ya sayi shinkafar da aka riga aka casa, ya zuba a buhuna masu ɗauke da tambarinsa, shi fatauci yake yi, komai kyan buhun.

Idan babu littafin da ya raba lissafi

Duk wannan ya dogara ne ga samun alƙaluma, kuma a nan ne aka fi shan wahala. Kamfanoni ƙalilan ne ke raba lissafin kowace sana'a daban. Janareta ɗaya ne ke ba injin casa da matatsar mai wuta, akanta ɗaya ne, asusun banki ɗaya. Masu kundin sun san da haka, don haka suka ba da izinin a yi amfani da wani ma'auni a madadin: yawan abin da aka samar, ko ciniki, ko albashin da aka biya, ko yawan ma'aikata, ko awannin aiki.

Kowane madadi yana da inda yake karkata. Ciniki, kamar yadda aka gani, yana fifita fatauci. Maganinsa shi ne a ɗauki ratar da ke tsakanin saye da sayarwa maimakon dukan kuɗin. Yawan ma'aikata kuma yana fifita sana'ar hannu a kan ta injin. Gidan ruwan leda na iya ɗaukar mutum 60 masu ɗaura jaka da lodi, injin casa na zamani kuma mutum 20 su ishe shi, alhali injin ya ninka ruwan daraja. Alamar da ke nuna akwai matsala ita ce idan ma'auni biyu suka ba da amsa biyu mabambanta. A irin wannan hali ƙwararren ma'aikaci ba ya zaɓar wadda ta fi sauƙi. Yakan koma ya zauna da akantan kamfanin su kimanta kuɗin kayan da kowace sana'a ta cinye, ko da kusan-kusan ne.

Wata hanyar rage matsalar ita ce a daina kallon kamfanin a dunƙule. Idan injin casa yana Kura, garejin tireloli yana wani wuri, kuma kowanne yana da lissafin da za a iya warewa, hukumar ƙididdiga takan ɗauki kowane wurin aiki a matsayin abu guda ta ba shi lambarsa. Ta haka ne rukunin kamfanonin Dangote ba ya buƙatar lamba ɗaya. Siminti yana ajinsa, sukari yana 1072, matatar man fetur ta Lekki tana 1920, takin zamani yana 2012. Shi kuma uwar kamfanin da ke sama, idan hannun jari kawai yake riƙe ba ya tafiyar da kowa, ajinsa 6420 a sashen hada-hadar kuɗi. Idan kuwa shi ne hedikwatar da ke tsara wa sauran aiki yana sa musu ido, ajinsa 7010.

Kasuwar hannun jari tana da nata ma'aunin

Masu zuba jari ba su bin wannan kundi. A 1999 kamfanonin MSCI da S&P suka fito da nasu tsarin mai suna GICS, wanda a yau yake da manyan sassa 11. Su tambayarsu daban ce: wane kamfani ne ya kamata a kwatanta da wane? Abin da suka fi dubawa shi ne kuɗin shiga, sannan riba, sannan yadda kasuwa ke kallon kamfanin.

Amazon ya nuna inda wannan ma'auni ke tsayawa. A 2023 cinikinsa ya kai kusan dala biliyan 575, kuma daga ciki AWS, ɓangarensa da ke ba da hayar manyan na'urorin kwamfuta da rumbun adana bayanai, ya kawo kusan biliyan 91, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida. Amma daga ribar aiki ta kusan biliyan 37, AWS ne ya kawo kusan biliyan 25, kashi biyu cikin uku kenan. Da ma'aunin ciniki Amazon kanti ne, da ma'aunin riba kamfanin fasaha ne. GICS ya bar shi a cikin masu sayar wa jama'a kaya.

Sauya wa kamfani gida a wannan tsari yana motsa kuɗi na gaske, domin akwai asusun zuba jari da yawa da dokarsu ita ce su sayi kamfanonin sashe guda kawai. A watan Satumba na 2018 aka faɗaɗa sashen sadarwa, aka ɗebo Alphabet mai Google da Facebook daga sashen fasaha, aka haɗa su da Disney da Netflix da kamfanonin waya. A watan Maris na 2023 kuma aka mayar da Visa da Mastercard daga fasaha zuwa hada-hadar kuɗi. Babu abin da ya canza a aikin waɗannan kamfanoni a ranar, amma asusun da ke bin sashen fasaha dole suka sayar, masu bin ɗaya sashen kuma suka saya.

Akwai kamfanonin da kasuwa takan haƙura da nemo musu babbar sana'a. Kasuwar hannun jari ta Najeriya tana da rukuni na musamman don masu sana'o'i barkatai, inda ake samun Transcorp, mai tashar wutar lantarki ta Ughelli da otal ɗin Transcorp Hilton na Abuja, da kuma UAC, wanda hannunsa ya kai ga abincin dabbobi da fenti da Gala da gidajen abinci na Mr Bigg's. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ba shi da irin wannan mafaka. A can dole a yi lissafi a fitar da amsa.

Idan sana'a ta juya

Babbar sana'a ba ta dawwama. Nokia ya faro ne a 1865 a matsayin masana'antar sarrafa itace don yin takarda a Finland, daga baya ya haɗu da masu yin takalman roba da wayoyin lantarki, sannan ya zama sunan da kowa ya sani a wayar hannu. A 2014 ya sayar da sana'ar wayar ga Microsoft, yanzu kuma ƙarfinsa yana kan kayan aikin da kamfanonin sadarwa ke kafawa. A kowane zango lambarsa ta cancanci sauyi.

Sai dai ba a sauya lamba da zarar lissafin shekara ɗaya ya karkata. A koma ga kamfanin Kano. Idan aka yi shekarar da shanshera ta yi tsada injin ya yi wata huɗu a tsaye, sufuri zai iya zarce masana'anta a wannan shekarar. Da za a sauya masa lamba nan take, a mayar da shi baɗi, da alƙaluman ƙasa za su nuna masana'antu sun faɗi sufuri ya tashi, sannan su nuna akasin haka, alhali takarda ce kawai ta motsa. Don haka hukumomi suna da ƙa'idar jira. A tsarin Turai, sai sauyin ya tabbata na aƙalla shekara biyu kafin a taɓa lambar. Amma idan kamfani ya sayar da masana'antarsa ɗungurungum, ba abin jira, sauyin ya riga ya bayyana.

Abin da kuskure ke jawowa

Najeriya ta ga tasirin rabon sana'o'i ƙuru-ƙuru a watan Afrilu na 2014, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta lissafin tattalin arziki. An matsar da shekarar ma'auni daga 1990 zuwa 2010, aka ƙara yawan fannonin da ake aunawa daga 33 zuwa 46 bisa bugu na huɗu na ISIC. Girman tattalin arzikin 2013 ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Harkar sadarwa da ta fina-finai, waɗanda tsohon lissafi bai ba su wurin kirki ba, suka fito fili, kason noma kuma ya ragu. Irin wannan lissafi ana gina shi ne daga amsoshin dubban kamfanoni, kowanne da lambar da aka liƙa masa. Idan masu injin casa ɗari suka rubuta kansu a matsayin 'yan kasuwa saboda cinikin taki, gwamnati za ta ga masana'antun sarrafa abinci ƙanana ne fiye da yadda suke, kuma da wannan hoton za ta yanke shawarar inda za a kai wuta da hanya da rance.

Shi ma mai kamfanin abin yana komawa kansa. Banki yana kasa masu cin bashi bisa sana'arsu, kuma shirye-shiryen rance da aka keɓe wa noma ko masana'antu suna fara tacewa ne daga wannan gurbi. Kamfanin inshora yana auna haɗari da shi, domin gobara a matatsar mai ba ɗaya take da gobara a ofishin dillali ba, kuma bayanin da bai dace da gaskiya ba kan zama abin jayayya ranar biyan diyya. Sassaucin haraji ma yawanci sana'a ake ba wa, ba mutum ba.

Akwai kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare wajen rajista, ta jera komai da komai a takardar kafa kamfani, daga kwangila zuwa shigo da kaya zuwa noma zuwa man fetur, sannan a rubuta harkokin kasuwanci gaba ɗaya a gurbin babbar sana'a. Jera abubuwan da kamfani yake da izinin yi ba laifi ba ne. Amma gurbin babbar sana'a ba izini yake tambaya ba, abin da ake yi a zahiri yake tambaya.

Don haka ga mai kamfanin da ya haɗa sana'o'i, aikin ba ya wuce zama ɗaya da akanta a ƙarshen shekara. A rubuta kowace sana'ar da ake sayar wa baƙo, a ware hidimar cikin gida. A gaban kowacce a rubuta ciniki, a cire kayan da aka saya aka cinye. A tara waɗanda suke sashe ɗaya, a zaɓi mafi kauri, a sauko hawa-hawa har zuwa lamba huɗu. Idan amsar ta saɓa da abin da ke takardar rajista da ta banki da ta inshora, kuma ta ci gaba da saɓawa shekara biyu a jere, lokacin gyara takardun ya yi, kuma gara mai kamfanin ya kai gyaran da kansa kafin ranar da zai nemi rance ko diyya.